Yadda na rage wa manhajar adashi kaya

Wata uwar adashi a Damagaram ta nemi manhajar waya, amma jerin buƙatunta ya ƙi ƙarewa: biya ta waya, saƙon tuni, hoton kowa, har da Faransanci. Aiki ya tsaya cik.

Na ce mata, "Hajiya, kawo littafin zubin." Muka bi jerin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: in babu wannan, za a koma ga littafi ranar zubi? Abu huɗu suka tsira. Rubuta sunayen 'yan adashi, shigar da zubin kowa da kwanan wata, nuna wanda bai zuba ba, da nuna mai kwasa na gaba. Mata goma masu zuba jika biyar-biyar, manhaja ta nuna jika hamsin, ko ta faɗi wadda ta rage.

Biya ta waya ya fi ba mu gardama. Na cire shi, domin yana buƙatar yarjejeniya da kamfani, alhali kuɗin hannu da hannu ake kawowa. Amma aiki ba tare da intanet ba, na saka shi cikin dole, saboda rezo yana yankewa a cikin kasuwa.

Sauran muka rubuta a wata takarda mai taken "sai gaba".