Kifin gwangwani da karkashi ga yaron da madara ba ta karɓe shi ba

'Yan uwa mata, ɗana mai shekara biyar da ya sha madara ko fura da nono, kafin awa biyu cikinsa ya kumbura, sai zawo. Likita ya ce jikinsa ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara. Damuwata ita ce ƙashinsa, don yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar kusan miligiram 1,000 na sinadarin kalsiyam kullum.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne kifin gwangwani, wato sadin. Don Allah kada ku cire ƙayar, a cikinta kalsiyam ɗin yake. Tana da laushi, da bayan cokali nake murƙushe ta har ta ɓace a cikin miya ko dafa-duka. Gwangwani guda yakan ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na buƙatar yini. Ƙananan busassun kifi ma ina dake su duka da ƙayarsu in zuba a miya.

Ganye kuwa, zogale, kuka da karkashi nake juyawa, in barbaɗa dakakken riɗi. Alayyafo yana da kalsiyam, amma jiki ba ya ɗaukar mai yawa daga cikinsa.

Madarar waken suya da muke yi a gida ba ta kai ta shanu kalsiyam ba. Ta kanti sai an duba an ga an ƙara mata. A bar yaro ya yi wasa a hantsi, rana na taimaka wa jiki ɗaukar kalsiyam.

Idan kuma madara na fito masa da ƙuraje, kumburin leɓe ko wahalar numfashi, wannan wata matsala ce daban, a kai shi asibiti nan take.