Yadda ake rubuta taƙaitawar rahoto da darakta zai iya sa hannu a kanta a cikin mota

A wani kamfanin shigo da kayan gini da na yi aiki da shi a Ikeja, daraktarmu ba ta karanta rahoto a kan tebur. A waya take karantawa, a kujerar baya, lokacin da gosulo ya riƙe su a gadar Third Mainland. Idan ka tura mata shafi 40, shafin farko kaɗai za ta duba, kafin a kira ta ko direba ya ce an iso. Shi wannan shafin farkon ake kira taƙaitawar rahoto, kuma yawancinmu muna ɓata shi ne saboda mun ɗauka aikinsa ya ba da labarin abin da ke cikin rahoton. Aikinsa shi ne ya sa mai iko ya ce "a yi" ko "kada a yi", yana sane da abin da ya amince da shi.

Zan bi da ku ta misali guda. Alƙaluman na daidaita su ne domin lissafi ya zo da sauƙi, kada wani ya ɗauke su a matsayin farashin tashar jirgin ruwa.

Kamfani yana shigo da tayil ta tashar Apapa. Daga Janairu zuwa Yuni an sauke masa kwantena 60. Kamfanin jirgi yana ba da wasu kwanaki kyauta, idan suka ƙare kwantena ba ta koma hannunsa ba sai ya fara cajin kuɗin jinkiri, wanda 'yan tasha ke kira dimareji, ga kuma kuɗin ajiya da masu filin tasha ke karɓa. Kwantena 42 sun zarce wa'adi, kowace da kamar kwana 9, kowane kwana kuma ya ci kusan naira 100,000. Jimilla naira miliyan 37.8 ke nan a wata shida. Aka ba wani matashin ma'aikaci, ɗan Agege, aikin gano dalili, ya rubuto shafi 40 masu kyau.

Mataki na farko: gano abin da za a sa wa hannu

Kada ka taɓa taƙaitawa sai rahoton ya kammala. Idan ya kammala, rufe shi, ka ɗauki farar takarda ka amsa tambaya ɗaya: me nake so darakta ta yi bayan ta karanta? Amsar dole ta zama aikin da ke hannunta, irin su amincewa da kuɗi, ɗaukar ma'aikaci, soke kwangila ko dakatar da oda. "Ta fahimci matsalar" ba amsa ba ce, domin babu inda ake sa hannu a kan fahimta.

Da na yi wa yaron wannan tambaya, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yallaɓai, ai na kawo shawarwari bakwai a shafi na 36." Na ce masa, "Ƙanena, idan Hajiya ta ce ɗaya kaɗai za ta yi a wannan makon, wacce za ka ba ta?" Bai yi jinkiri ba: a ɗauki mutum ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai bin takardun shigo da kaya. Ashe ya san amsar tun tuni, kunya ce ta hana shi sa ta a gaba.

Wannan kunyar ita ce babbar matsalarmu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, sai an yi gaisuwa, an tambayi gida da gajiya, sannan a lallaɓo. A zaure hakan ladabi ne. Amma a takardar ofis, girmama babba shi ne kada ka sa shi laluben abin da ka zo nema. Kuma idan ka kasa amsa tambayar nan, to rahoton ne bai nuna ba, koma ka ƙarasa shi.

Mataki na biyu: jimlar farko

Ga yadda ya fara tasa taƙaitawar da farko: "Wannan rahoto ya yi nazari a kan ƙalubalen da kamfani ke fuskanta wajen fitar da kaya daga tasha, tare da duba dalilai daban-daban da kawo shawarwari." Babu ƙarya a ciki, amma wanda ya karanta bai ƙaru da komai ba. Ana iya liƙa wannan jimla a saman kowane rahoto a Legas ta zauna daram, kuma wannan ita ce alamar cewa ba ta da amfani.

Jimlar farko abu huɗu take ɗauka: abin da ake nema, nawa zai ci, me zai samar, da ranar da ake buƙatar amsa. Bayan gyara ta koma haka: "Muna neman amincewarki kafin ranar Juma'a a ɗauki jami'in takardu ɗaya, a kan naira miliyan 6 a shekara, domin rage kuɗin jinkirin da ya ci mana naira miliyan 37.8 cikin wata shida." Ko a nan wayarta ta mutu, ta san abin da ke gabanta.

Ranar ma sai an faɗi dalilinta, in ba haka ba za a ɗauka gaggawarka ce kawai. A nan dalilin shi ne akwai kwantena 12 da za su iso cikin mako biyar, kuma sabon ma'aikaci yana buƙatar aƙalla mako uku kafin ya kama aiki.

Mataki na uku: hujja, da alƙaluma kaɗan

Nan ne ake shan wahala, don mutum ya yi wata guda yana tattara lambobi, kowace tana masa kyau. Zaɓi waɗanda idan aka cire su shawarar za ta rushe. A misalinmu guda uku ne: cikin kwantena 42 da suka makara, 30 takardu ne suka riƙe su, 8 rashin samun tirela a kan lokaci, 4 kuma binciken kwastan.

Wannan rabon shi ne zuciyar rahoton, saboda ya saɓa wa abin da kowa ke zato. A ofis duk an yarda cewa cunkoson Apapa ne, da wahalar da tireloli ke sha wajen samun layin shiga tasha ta manhajar Eto da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo a 2021. Binciken ya nuna cewa laifin yana kan teburinmu. Kwastan ba sa fitar da takardar tantance haraji ta PAAR sai an miƙa takardun ƙarshe na kaya ta banki a kan fom M da aka buɗe, wato takardar rajistar shigo da kayan, mu kuwa sai jirgi ya kusa isowa ake fara neman waɗannan takardu daga mai sayarwa. Idan bincikenka ya ci karo da abin da darakta ta riga ta gaskata, faɗa mata hakan ƙarara: "Mun yi zaton tireloli ne, amma su 8 kawai suka jawo cikin 42." Idan ba ka faɗa ba, za ta karanta da tsohon zatonta, ta ƙi amincewa.

Kowace lamba a ba ta abokiyar gwaji. Miliyan 6 ita kaɗai tana da nauyi a kunne. Amma kwantena 30 sau kwana 9 sau naira 100,000 ya ba da miliyan 27 a wata shida, albashin jami'in kuma a wannan tsawon lokaci miliyan 3 ne. Ko rabin jinkirin kaɗai ya kawar, an tsira da miliyan 13.5, a cire albashi, saura miliyan 10.5. Ka lura mun yi lissafi da rabi. Wanda ya yi alƙawarin kawar da matsala gaba ɗaya, bayan wata shida shi za a kira.

Sai a sa lambar shafi a gefen kowace hujja, misali "duba shafi na 14", domin akawun da za a ce ya tabbatar. Kuma kada lamba ta bayyana a taƙaitawa alhali babu ita a rahoto, ko ta zo da wata fuska. Miliyan 37.8 a sama, miliyan 38.7 a ciki, ya isa a daina yarda da sauran.

Mataki na huɗu: hanyoyin da ka ajiye, da inda abin zai iya lalacewa

Darakta za ta yi tunanin wata hanya tun kafin ta gama sakin layi na biyu, don haka riga ta. Layi ɗaya ko biyu ya ishi kowace. Canja ejan mai fitar da kaya ba zai magance ba, tunda takardun daga wajenmu suke makara. Komawa tashar Lekki, wadda ta fara aiki a 2023, zai iya taɓa matsalar tirela, amma takardun kwastan ɗin nan dai su za a nema a can.

Daga nan ka faɗi raunin shawararka da bakinka. A nan raunin shi ne jami'in ba zai iya tilasta wa mai sayarwa a ƙasar waje ya aiko takardu da wuri ba, sai an sa sharaɗin a cikin oda. Saboda haka aka ƙara buƙata ƙarama: sashen saye ya rubuta a kowace sabuwar oda cewa takardu su iso cikin kwana 7 da tashin jirgi. Masu ɓoye irin wannan rauni suna ganin suna kare shawararsu ne, alhali ranar da ya fito a taron hukumar gudanarwa, daraktar ce za ta ji kunya, kuma ba za ta manta wanda ya rubuta ba.

Mataki na biyar: wa zai yi me

A rufe da aiki, da sunan kujera da rana. Shugaban ma'aikata zai fitar da takardar ɗauka ranar Litinin. Sashen saye zai gyara oda a wannan makon. Akawu zai kawo jimillar kuɗin jinkiri a ƙarshen kowane wata, a sake zama bayan wata uku. Kalmar "za a" ba ta da mai ita, guje mata a wannan sashe.

Duka wannan ya shiga shafi ɗaya, kalma 250 zuwa 300. Idan ya ƙi shiga, yawanci tarihin kamfani ne ko bayanin yadda aka yi bincike ya kutso, mayar da su cikin rahoto.

Gwaji kafin turawa

Tura wa kanka ka buɗe a waya. Idan sai ka ja allo sau biyu kafin ka ga abin da ake nema, sake jerawa. Sannan ka ba wani wanda bai san zancen ba, ya karanta na minti biyu, ka karɓe, ka tambaye shi: me ake nema, nawa ne, yaushe, kuma me zai faru idan ba a yi ba? Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake.

Yaron namu ya ba mai karɓar baƙin ofis ta karanta. Ta amsa uku daidai, ta huɗu ta ce ba ta gani ba. Da muka duba, gaskiyarta ne, mun manta. Sai ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jimlar farko: idan aka bar abin yadda yake, cikin kwantena 12 masu zuwa ana sa ran 6 za su makara saboda takardu, kimanin naira miliyan 5.4. Ya tura da ƙarfe 7 na safiyar Laraba, lokacin da ya san motar Hajiya tana kan gada.