Farin tabo ko gyambon baki da ya wuce sati 2: kurakuran da ake ta maimaitawa

Ƙurjin baki na yau da kullum, mai farin tsakiya da jan gefe, wanda ke zafi idan yaji ya taɓa shi, yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Wanda ya haura wannan lokaci, sai likita ya duba shi.

Kuskuren da ya fi cutar da mutane shi ne cewa "ai ba ya zafi". Ƙurji mai raɗaɗi sau da yawa shi ne mai sauƙi. Kansar baki kuwa takan fara ba zafi, sai ta yi nisa sannan ciwo ya zo, wani lokaci har ya harba kunne. Maimakon ka auna da zafi, wanke hannu ka taɓa wurin. Ƙurji na gama-gari laushi gare shi. Gyambon da gindinsa ya yi tauri, bakinsa ya ɗaga ya naɗe, ko yana jini da ɗan taɓawa, shi ne abin tsoro, musamman a gefen harshe ko ƙarƙashinsa. Shafa wuya da ƙarƙashin haɓa, ko akwai kaluluwa mai tauri wadda ba ta zafi. Jan tabo mai sulɓi ma kada a raina shi, ya fi fari yawan rikiɗewa ya zama cutar kansa.

Ɗauki misalin dattijo mai shekara 55 a Tawa, wanda ya shafe shekara 30 yana ajiye taba gari da kanwa a bayan leɓensa na ƙasa. Fari ya fito daidai inda tabar ke zama. Matakin farko shi ne a kurkure baki, don goro da taba suna ɓoye launi, sannan a goga wurin da auduga mai tsabta. Idan farin ya fita kamar gudajin nono ya bar ja a ƙasa, wataƙila kandida ce, wata cutar naman gwari, kuma maganin nistatin na kwana 7 zuwa 14 kan kawar da ita. Idan ya ƙi fita, shi ake kira lukofilakiya. Yawancinsu ba kansa ba ne, wasu kuwa suna kan hanya, kuma ido ba ya bambance su. Sai ya bar tabar gaba ɗaya, a sake dubawa bayan sati 2. Mayar da ita ɗaya kuncin ba bari ba ne, sabon wuri kawai aka ba ta.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ban haushi: canza magani da sake lissafi. Sati 2 ana kurkura da ruwan gishiri, sati 2 ana buɗe kafson amfisilin da aka saya wurin mai talla ana barbaɗawa, sai wata guda na jiƙo, kuma duk sabon magani sai a ce "bari mu ga aikin wannan". Haba jama'a! Daga ranar da abin ya fito ake ƙidaya, kuma ba a komawa farko don an sayi sabon kwali. Da haka sati 2 ke zama wata 6, tabon da za a yanke a ɗinke a tashi ya koma aikin da zai ci rabin harshe. Maganin ƙwayoyin cuta irin amfisilin ba ya taɓa cutar kansa, kandida ma ƙara mata ƙarfi yake yi. Masu ɗora asfirin a kan dasashi kuma, ku sani yana ƙona fatar ta yi fari, sai likita ya rasa wane fari ne na cuta, wane ne na ƙuna. Mai shafa shuɗin magani kafin ya je asibiti shi ma ya rufe abin da aka so a gani.

Wasu suna ƙin a yanki nama don gwaji, wai taɓawa ce ke watsa cutar. Jira ne ke watsa ta. Allurar kashe zafi ake yi, a ɗebi tsokar da ba ta wuce milimita 4 ko 5 ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a tura ta ɗakin bincike. Ita kaɗai ke faɗin ko mene ne.

Sauran a taƙaice. Haƙori mai kaifi yana gurje harshe, amma idan an goge shi gyambon bai warke cikin sati 2 ba, ba laifin haƙorin ba ne. Babban mutum da kandida ke ta dawo masa ya auna sukari da sida. Mai shaƙar maganin asma na sitiroyid ya riƙa kurkure baki bayan kowace shaƙa, don gudun kandida.

A ganina, ranar da ka ga tabon ka ɗauki hotonsa da waya cikin hasken rana, don kwanan watan ya zauna. Bayan kwana 14 ka sake ɗauka. Idan yana nan, ka nufi likitan haƙori ko na kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin jihar Tawa ko babban asibitin ƙasa na Yamai, ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha ko ka shafa.