Kurakuran da muke yi wajen ƙayyade wa yara lokacin wasan intanet

"Baba, minti biyar kawai, mun kusa gamawa." Duk mahaifin da ke da yaro a Makka ko Jidda ya san wannan magana, kuma akasarinmu ƙarya muke ɗaukar ta. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na zauna kusa da ɗana mai shekara 11 a gidanmu da ke wajen Shari' Mansur, na kalli yadda yake buga PUBG tun daga farko har ƙarshe. A ranar na gane cewa rabin faɗan da muke yi, dokar da na kafa ce ta jawo shi.

Babban kuskuren shi ne auna kowane wasa da agogo. Mukan ce "awa ɗaya", da ta cika sai a fizge waya. To amma wasanni irin su PUBG da Fortnite da Free Fire zagaye-zagaye ake yin su, tare da mutane na gaske, kuma ba a iya tsayar da su a dawo daga baya. Zagaye ɗaya na PUBG yakan kai kusan minti 30 idan yaro ya daɗe ba a fitar da shi ba, na Fortnite kuwa wajen minti 20. Sau da yawa su huɗu ne a ƙungiya, abokan makaranta ko 'yan uwa. Idan ka kashe masa waya a tsakiya, ya bar ukun nan cikin ramin da suka shiga tare, makinsa ya ragu, gobe kuma zai sha gori a makaranta. Kamar a janye mai tsaron gida ne ana tsaka da ƙwallo. Gyaran shi ne a ƙirga zagaye. Mu yanzu zagaye biyu ne a ranar makaranta, kuma tambayar da nake yi ita ce "na nawa kake?" Idan yana na biyu, ya san da ya ƙare ba a shiga sabo. Dokar tana da ƙafa ta biyu wadda ita ce ke riƙe da ita: ba a fara zagaye idan ya rage ƙasa da rabin awa a kira salla ko a zuba abinci.

Roblox da Minecraft dabam suke, yawancin abin da ake yi a cikinsu ba shi da ƙarshe. Su kam agogo ya dace da su, sai dai a sanar da yaro saura minti 10, a sake sanar da shi saura 2.

Kuskure na biyu ya fi na farko illa, kuma mu mazauna Saudiyya mun fi faɗawa cikinsa: muna ƙirga yawan awoyi, ba ma duba a wane lokaci aka yi su. Zafin rana ya mayar da rayuwarmu ta dare, ziyara bayan isha'i, cin abinci ƙarfe 10, sai a ga yaro da waya ƙarfe 12 ba wanda ya ji komai. Awa ɗaya bayan la'asar da awa ɗaya a kan gado ba ɗaya ba ne, domin wasan harbi yana tayar da bugun zuciya, barci ba ya zuwa nan take. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Sai a yi lissafi daga baya. Ɗana yana tashi 5:30 don asuba da shirin makaranta. Kafin ya sami awa 9, dole ya kwanta 8:30, wayar kuma ta bar hannunsa awa ɗaya kafin nan. Da na duba, sai na ga gurbin da ya rage masa shi ne tsakanin la'asar da magariba, bayan ya gama aikin gida. A nan muka ajiye wasan daga Lahadi zuwa Laraba. Ranar Alhamis da Juma'a da daddare muna sassautawa, ranar Asabar da daddare kuwa daren makaranta ne, ko da yake yara ba sa son jin haka. Kiran salla yana da wani amfani da agogo ba shi da shi: kowa a gidan yana jin sa, ba a musu a kansa. Wayar kuma a falo take kwana a kan caji.

Idan yaro yana da wuyar tashi da safe, yana gyangyaɗi a mota, ko yana rama barci har azahar ranar Asabar, lokacin wasan ya ci masa dare, komai ƙarancin awoyin.

Sai batun makulli. Iyaye da yawa sun saka iyaka a waya sun kwanta da daɗin rai, alhali ƙofar a buɗe take. A iPhone da iPad, idan ka shiga Screen Time ka saka App Limits amma ba ka sa lambar sirri ta Screen Time ba, ba ka kuma kunna Block at End of Limit ba, yaro zai danna Ignore Limit ya ci gaba. Lambar nan mai lamba 4 ta bambanta da ta buɗe waya, kuma kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan. Downtime shi ne na rufe dare. A Android, Family Link ke yin wannan aiki, amma sai an buɗe wa yaron asusunsa da shekarunsa na gaskiya. Idan asusunka yake amfani da shi, na'urar babba take gani. Ka kuma bar rata: idan zagaye biyu kuka yi alkawari, saka minti 75, kada na'ura ta yanke shi a tsakiya ta rushe abin da kuka shirya. Haka nan kada ka bar katin mada a ajiye cikin wayar da yake wasa, ka kunna Ask to Buy mai neman izininka kafin a sayi komai, domin kuɗaɗen cikin wasa irin su UC da V-Bucks da Robux riyal na gaske ake biya.

Akwai kuskuren da ba na na'ura ba ne: Baba ya hana, Umma ta bayar, ko a je gidan kaka a tarar da wayar kawu. A gidan da ake zaune da yawa, sai manya sun haɗa baki. Na taɓa ce wa yayata, "Yaya, don Allah idan ya zo bayan isha'i kada a ba shi waya, gobe makaranta." Ba ta ji haushi ba, ashe ita ma abin yana damunta da nata yaran. Ƙananan kuma ba a haɗa su da manya a doka ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, wanda bai kai shekara 2 ba kuma a nisanta shi da shi.

Hukuncin fushi ma yana ɓata doka. "Ba za ka ƙara taɓa ta ba har wata guda" magana ce da ba ta kwana uku, kuma yaro yana lura. A faɗi hukuncin tun kafin laifi, ya zama ƙarami: wanda ya shiga zagaye na uku yau, gobe ɗaya zai yi.

Son wasa ba ciwo ba ne, kada mu yi saurin cewa yaro ya kamu. Abin da hukumar nan ta kira larurar wasa shi ne a kasa dainawa, a fifita wasan kan komai, a ci gaba duk da ɓarnar da yake yi wa karatu da zaman gida, kuma galibi sai hakan ya kai wata 12. Idan ka ga yaro ya bar abokai, yana tashi cikin dare ya ɗauki waya a ɓoye, ko yana ɗaukar kuɗi don sayen kayan wasa, kada ka jira shekara ta cika, ka kai shi wurin likitan yara a cibiyar lafiya ta unguwarku.