Ƙananan ƙwayoyin jini: ƙarancin ayon ne, ko gadon talasimiya?

Sakamakon gwajin jini ya fito, MCV, wato ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka ƙasa da 80, jajayen ƙwayoyin ƙanana ne kuma sun koɗe. Kafin wanda aka yi wa gwajin ya zauna da kyau an riga an rubuta masa maganin ƙara jini. Sau da yawa an dace, domin ƙarancin sinadarin ayon shi ne ya fi kawo wannan hoton. Amma akwai wani abin da ke kama da shi kamar an tsaga kara: mutumin da ya gaji ƙwayar halittar beta talasimiya guda ɗaya daga uwa ko uba. Shi ayon ɗinsa lafiya lau, jikinsa ne ba ya ƙera wani ɓangaren himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, yadda ya kamata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kalli MCV kaɗai a manta da layin RBC, wato yawan ƙwayoyin. A ɗauki mata biyu a matsayin misali. Ta farko Hb ɗinta, wato himogulobin, 8.6, MCV 72, RBC 3.9. Ta biyu Hb 11.2, MCV 63, RBC 5.7. Ƙwayoyin ta biyun sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma jininta bai wani yi ƙasa ba, kuma ƙwayoyin suna da yawa. Haka gadon talasimiya yake. Idan ayon ne ya ƙare, ɓargo ba ya samun kayan aiki, sai girma da yawa su ragu tare.

Akwai lissafin Mentzer na 1973 da ke taimakawa: a raba MCV da RBC. Ta farko ta samu kusan 18.5, ta biyu kusan 11. Sama da 13 na nuni ga ƙarancin ayon, ƙasa da 13 na nuni ga talasimiya. Sai dai wasu kan tsaya nan su yanke hukunci, wanda shi ma kuskure ne. Lissafin hanya kawai yake nunawa. Abin da ke tabbatarwa gwaji biyu ne: feritin, ma'aunin ayon da jiki ya adana, da kuma HbA2, wani nau'in himogulobin, wanda kan haura kashi 3.5 cikin ɗari a jinin mai gadon.

Feritin ma yana yaudara. Ƙasa da 15 ga babba ƙarancin ayon ne, ba gardama. Amma zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta ko wani kumburi a jiki na ɗaga shi, sai ya fito kamar lafiya alhali rumbun ya ƙare. Gara a jira zazzaɓi ya wuce, ko a haɗa da gwajin CRP mai nuna kumburi a jiki. Haka nan ƙarancin ayon mai tsanani na iya danne HbA2 ya ɓoye gadon, kuma ba abin da ya hana mutum ɗaya ya haɗa duka biyun, musamman mai ciki. Idan feritin ya yi ƙasa, a fara cike ayon, sannan a sake aunawa.

Ga wata alama da ake wucewa. Mai ƙarancin ayon na gaske, idan yana shan magani yadda aka ce, Hb ɗinsa kan ƙaru da gram 1 zuwa 2 cikin wata guda. Idan wata uku sun shuɗe lambobin na nan inda suke, a daina ƙara kwalba a kan kwalba. Jiki ba shi da hanyar zubar da rarar ayon, tarawa yake yi a hanta. Ita kuwa matar farko a misalinmu, magani kaɗai bai isa ba, sai an gano inda jinin ke zurarewa: al'ada mai yawa, tsutsar ciki, gyambon ciki, ko basir.

Beta talasimiya ta fi yawa a ƙasashen Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya, Indiya da Pakistan. A Afirka ta Yamma 'yar'uwarta alfa talasimiya ce ta fi yaɗuwa, ita kuma ba ta ɗaga HbA2. To me ya kawo maganar wajenmu? Sikila. Gwajin jinotayif na kafin aure da aka saba yi, mai gadon beta talasimiya AA yake fita a cikinsa. Idan ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar yaron da ya haɗa S da beta talasimiya, kuma wannan nau'in sikila ne, da ciwon gaɓoɓinsa da komai. Daga nan a fara zargin ɗakin gwaji, wani lokacin ma har matar, ba ta ji ba ba ta gani ba.

Saboda haka duk mai takardar AA da MCV ɗinsa ke ƙasa, RBC na sama, feritin lafiya, ya nemi a auna masa HbA2 da na'urar HPLC kafin a sa rana.