Imel ɗin farko zuwa ga wanda kake so ya zama jagoranka: inda ake yawan kuskure

Kuskuren da ya fi kashe imel irin wannan shi ne ka rubuta "Ina so ka zama jagorana" tun a saƙon farko. Mutumin bai san ka ba, bai san awa nawa zai kashe a kanka ba, kuma ka ɗora masa nauyin da ba shi da ranar ƙarewa, to abin da ya fi masa sauƙi kawai ya yi shiru. Ka roƙi abu ƙarami wanda zai iya cewa eh ko a'a nan take, tambaya ɗaya tak, ko minti 15 a waya.

Sai maganar gabatar da kai. Wasu tun daga firamare suke farowa, har a zo kan abin da ya kawo su mai karatu ya gaji. Layi biyu sun isa, kuma abin da ya shafi tambayarka kaɗai zaka saka. Misali wata mai koyon nazarin bayanai, maimakon tarihin makarantu sai ta ce:

"Assalamu alaikum Dakta, da fatan kina lafiya. Na karanta lissafi, yanzu wata shida kenan ina koyon nazarin bayanai, na gama wani ɗan aiki kan bayanan zuwan marasa lafiya asibiti. Na saurari jawabinki kan gyara bayanan da suke da giɓi, inda kika ce share layukan da basu cika ba yana iya karkatar da sakamako. Nawa kusan kashi ɗaya cikin biyar babu shekarun haihuwa, shin in cike su ne ko in ware su? Ko layi biyu kika bani ya wadatar, na gode."

Ka ga ta nuna ta yi nata ƙoƙarin, kuma ta faɗi takamaiman abin da ya sa Daktar ta zaɓa ba wani ba. Wannan shi ne ainihin gwajin: in zaka iya canza sunan da ke sama ka tura wa mutum goma ba tare da ka taɓa komai ba, wallahi suma sun gane, kirarin "kai ne abin koyina" baya ɓoye cewa saƙo ɗaya ne ka kwafa wa kowa.

Kan saƙo kuma kar ka bar shi fanko ko ka sa "Neman taimako", da yawa zasu ɗauka kuɗi zaka roƙa. Sa batun kai tsaye, kamar "Tambaya kan jawabinki na giɓin bayanai". Ka duba sunan mutum da muƙaminsa sau biyu, kiran Farfesa da Malam Wane ko kuskuren harafi a suna yana ɓata rai tun kafin a karanta. Takardar tarihin aikinka ma riƙe ta tukunna sai an nema, in ba haka ba saƙon zai koma kamar na neman aiki.

In shiru ya yi yawa, bari mako ɗaya ko biyu su wuce sannan ka tuna masa sau ɗaya a ƙarƙashin wancan saƙon dai, ba sabo ba, don ya ga na farkon ba sai ya nema ba. Ban da binsa ta waya da dare kana cewa "baka ga saƙona ba?"