Kurakuran da aka fi yi wajen karanta zanen alƙaluma a hoto

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kallon tsayin sanduna ba tare da an duba lambobin da ke gefen hagu ba. A ce an turo maka hoto a WhatsApp mai nuna farashin buhun masara a kasuwar Kawo: naira 40,000 a watan Maris, naira 44,000 a watan Yuni. Sandar Yuni ta ninka ta Maris sau uku a tsayi. Duk wanda ya gani zai ce masara ta yi tashin gwauron zabi.

Kai idonka ƙasan layin hagu. Idan ya fara daga 38,000 maimakon sifili, to an datse gindin sandunan ne. Abin da ya rage na Maris 2,000 ne, na Yuni kuma 6,000, daga nan ninki ukun ya fito. Ainihin ƙarin kuwa naira 4,000 ne a kan 40,000, wato kashi 10 cikin ɗari. Don haka ka cire tsohon adadi daga sabo, ka raba abin da ya fito da tsohon, ka ninka da 100. In kai ne mai zanen a Excel, shiga Format Axis ka mayar da Minimum zuwa 0. Zanen layi mai hawa da sauka ana iya ɗaga masa ƙafa, tunda alkibla yake nunawa. Sanda kam tsayinta shi ne adadinta, dole ta tashi daga sifili.

Sai zanen da'ira da ake yayyankawa kamar kankana. Fara da tara kasonnin. In ka ga 45 da 40 da 30, sun kai 115, alhali da'ira ɗari take ɗauka cif. Sau da yawa hakan na nufin an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, kuma irin wannan bayani sanduna suka dace da shi. Ka kuma gwada da ido: kashi 25 dole ya zama kwata daidai. In an kwantar da da'irar aka yi mata kauri, yankin da ke gabanka zai fi na baya girma ko da adadinsu ɗaya.

Ko zanen ya fito daidai, akwai iyakar abin da zai iya faɗa. Hoton masarar nan ya nuna kasuwa ɗaya ce a wata biyu. Bai yi maganar Zariya ko Kafanchan ba, balle ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, bai kuma faɗi dalilin tashin ba. Tunda masara ta saba tsada kafin sabon amfani ya shigo, Yunin bara ya kamata a kwatanta da Yunin bana.